Iyaka Ɗaya, Sunaye Biyu: Muhawara Kan Raba Duniya Zuwa Masu Arziki da Matalauta

Duk ranar 1 ga watan Yuli, Bankin Duniya yakan fitar da jerin ƙasashe ya kasa su gida huɗu. Ma'auninsa ɗaya ne: a tattara duk abin da ƙasa ta samu a shekara, a raba wa jama'arta daidai wa daida, a ga nawa kowa zai tashi da shi. A jerin 2024, ƙasar da rabon mutum ɗaya bai wuce dalar Amurka 1,145 ba tana gidan ƙasa, wadda ta haura 14,005 tana gidan sama, sauran kuma suna gidaje biyun tsakiya. Nijar, da rabonta bai yi nisa da dala 600 ba, tana gidan ƙasa. Najeriya tana hawa na biyu, kuma Benin ta same ta can a 2020.

Mutumin Dogon Dutsi ko Tibiri ya san inda layin da ya raba gidajen nan biyu ya bi, domin da ƙafa yake tsallake shi. Daga Dogon Dutsi zuwa iyakar Najeriya kamar kilomita 40 ne. A wancan gefen akwai Kangiwa da Bacaka, cikin jihar Kebbi, kuma Arawan da ke can 'yan uwan na Matankari da Gesheme ne: harshe ɗaya, hatsi ɗaya, aure yana shiga yana fita. Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja iyakar a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906. Yau ga takardun duniya, wanda ke wannan gefe ɗan ƙasa mafi talauci ne, ɗan kawunsa na wancan gefe kuwa ɗan ƙasa mai matsakaicin samu.

Sunayen sun sha canzawa. A 1949 shugaban Amurka Harry Truman ya yi maganar yankunan da ba su ci gaba ba. A 1952 Bafaranshen nan Alfred Sauvy ya ƙirƙiro «duniya ta uku». A 1971 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ƙasashe 25 ta ce su ne mafiya ƙarancin ci gaba, da Nijar a ciki tun ranar farko, ba ta kuma fita ba har yau. A 1980 rahoton Willy Brandt ya zana layi ya raba duniya zuwa masu hali a sama da marasa hali a ƙasa. Daga 1990 kuma hukumar raya ƙasashe ta Majalisar ta soma fitar da ma'aunin ci gaban ɗan Adam, wanda a rahotannin 2018 da 2019 da 2020 ya ajiye Nijar ta 189 cikin ƙasashe 189. Wannan lamba ta ƙarshe ita ce ta fi shiga kunnen mutane, ita ce kuma ta raba masu tunani gida biyu.

Abin da masu goyon baya ke cewa

Wanda na ji ya fi iya kare wannan rabo wani tsohon ma'aikacin tsare-tsare ne da ya yi ritaya ya dawo gida Dogon Dutsi. Hujjarsa ta farko kuɗi ce, ba ya kuma jin kunyar faɗin haka. A cewarsa, sunan da matasa ke jin haushinsa shi ne takardar da ƙasa ke nunawa a ba ta bashi mai sauƙi. Ƙasar da ke gidan ƙasa tana karɓa daga asusun IDA na Bankin Duniya, inda wani kaso kyauta ne, sauran kuma bashi ne na shekaru masu yawa da ruwansa bai taka kara ya karya ba. Najeriya kuwa, da ta fita kasuwar duniya neman bashi a watan Disamba na 2024, ruwan da aka ɗora mata ya kai kusan kashi 10 cikin ɗari. Wanda bai taɓa zama ya rubuta kasafin kuɗin ƙasa ba, in ji shi, ba zai gane girman wannan tazara ba.

Ya kan kawo misalin yafe bashi. A 1996 aka buɗe shiri na musamman don ƙasashe matalauta da bashi ya yi wa katutu. Nijar ta shiga a ƙarshen 2000, ta cika sharuɗɗa a watan Afrilu na 2004. Kuɗin da da can ake biyan masu bin bashi, da shi aka ɗauki nauyin shirin musamman na shugaba Mamadou Tandja, wanda ya gina ajujuwa da ɗakunan shan magani na ƙauye da rijiyoyi da ƙananan madatsun ruwa. Duk wanda ya zaga ƙauyukan Arewa, ƙasar Arawa, ya ga irin waɗannan gine-gine, wasu na aiki, wasu sun lalace. Tsohon ya ce: «Ɗana, da ba a rubuta mu cikin matalauta ba, da ba a yafe mana ko dala ba. Likita ba ya zagin mutum in ya ce masa yana da zazzaɓi.»

Hujjarsu ta biyu ta fi nauyi, domin rai ne a ciki. Suna cewa ƙin amsa suna ba ya kawar da abin da sunan ke nufi. Bayan ƙarancin ruwa da farar da ta sauka a 2004, shekarar 2005 ta zo da tsananin yunwa, amma gwamnatin lokacin ta tsaya kai da fata cewa ba yunwa ba ce. An jima ana sayar da hatsi da rangwame ga mutanen da ba su da ko na saye, kafin a yarda a soma rabawa kyauta. A 2010, da irin wannan hali ya dawo, hukumomin da ke mulki suka faɗi gaskiya da wuri, agaji ya fi saurin isowa. Masu goyon baya suna cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma girman kai na shugabanni yaran talakawa ne ke biyan kuɗinsa.

Abin da masu suka ke mayarwa

Masu suka ba su musun cewa akwai talauci a Arewa. Wanda ya ga rumbu ya ƙare tun kafin ruwan farko ba zai musa ba. Abin da suke tuhuma shi ne ma'aunin, da kuma wanda ake aunawa.

Su kan fara da rabon daidai wa daida. In mutum ɗaya a gari yana da shanu ɗari, maƙwabtansa tara ba su da ko akuya, lissafi zai ce kowa na da shanu goma. Haka lissafin ƙasa yake. Binciken hukumar ƙididdiga ta Najeriya na 2019 ya nuna talauci a Legas bai kai kashi 5 cikin ɗari ba, a Sakkwato kuwa ya doshi kashi 88. Amma Legas da Sakkwato suna ɗauke da suna ɗaya a jerin Bankin Duniya. Man fetur na Neja Dalta da bankunan Legas su ne suka ɗaga Najeriya zuwa hawa na biyu, manomin Kangiwa bai ga komai a ciki ba.

A nan ne iyakar Arewa ta zama shaida. Binciken lafiya na Najeriya na 2018 ya gano cewa a jihar Kebbi, cikin yara dubu da aka haifa, 252 ba sa kaiwa shekara biyar, kuma babu jihar da ta kai ta. Binciken Nijar na 2012 ya ba jihar Doso 190, ita ma ta fi kowace jiha a ƙasarta. Shekarun binciken ba ɗaya ba ne, don haka bai kamata a tsananta gwama su ba, amma abin da suka nuna ya isa: gefen da ake kira mai matsakaicin samu bai fi gefen da ake kira mafi talauci tsirar da yara ba. Ko a tsawon rai, ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya yana ba ɗan Nijar sama da shekara 60, ɗan Najeriya kuwa ƙasa da haka da shekaru masu dama. Sai a tambaya: wane ne sunan ya fi cuta? Mai yiwuwa ba ɗan Dumega ba ne da aka kira shi matalauci, ɗan uwansa ne na Kebbi da aka ɓoye talaucinsa cikin arzikin wasu. Tun 2010 masanin tattalin arziki Andy Sumner ya nuna cewa kusan kashi uku cikin huɗu na matalautan duniya suna zaune ne a ƙasashen da ake ce wa masu matsakaicin samu.

Sai kuma maganar su kansu alƙaluman. A watan Afrilu na 2014 Najeriya ta sabunta yadda take lissafin tattalin arzikinta, sai ga shi cikin yini ɗaya ya tashi daga kusan dala biliyan 270 zuwa 510, ta wuce Afirka ta Kudu. Ba a ƙara ko buhu ɗaya a kasuwa ba, abin da dama yana nan ne aka soma ƙirgawa. Ghana ta yi irin haka a 2010, lissafinta ya ƙaru da kusan kashi 60 cikin ɗari, ta wayi gari a hawa na biyu. A watan Janairu na 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi. A takarda ɗan Nijar ya yi asara mai yawa in an auna da dala, alhali damman hatsin da ke rumbunsa ba su ragu ba. Lallai ya ji jiki wajen sayen magani da taki da duk abin da ake shigowa da shi, amma ba yadda lambar ta nuna ba.

Wani ɗan kasuwar wake da ke zirga-zirga tsakanin Kore Mai Ruwa da kasuwannin Kebbi ya ɗauki maganar ta wata fuska. Shi a ganinsa muhawarar ta ƙare, tun da jikka ɗaya ta sefa, wadda shekaru kaɗan baya ba ta kai naira dubu ba, a 2024 ta wuce naira dubu biyu. «Alhaji, wa ya fi wani yanzu? Su ke roƙon mu biya su da sefa.» Bai fahimci tambayar daidai ba, domin ƙarfin kuɗi daban, arzikin ƙasa daban. Sefa tana ɗaure ne da kuɗin Turai, shi ya sa ba ta faɗi ba. Amma ya taɓo wani abu na gaske ba da saninsa ba: yawancin cinikinsa, da na dillalan shanu da awaki irinsa, ba ya bi ta teburin kwastan. Haka kuɗin da 'yan bida ke aikowa ta hannun direba daga Legas ko Kwatano ko Abijan. Masu lissafin ƙasa suna ƙoƙarin ƙiyasta irin wannan, har da hatsin da manomi ya noma ya ci da iyalinsa, amma ƙiyasi ne, kuma ƙasar da mafi yawan harkarta ba ta da rasit ita ce ƙiyasin ya fi kuskure a kanta.

Masu goyon baya sun sake magana

Tsohon ma'aikacin bai ƙi wannan suka ba, sai dai ya ce masu yin ta sun makara. Ai saboda raunin ma'aunin kuɗi ne Mahbub ul Haq na Pakistan, tare da Amartya Sen na Indiya, suka fito da ma'aunin ci gaban ɗan Adam a 1990. Shi abu uku yake haɗawa: tsawon rai, da karatu, da samu. Jerin ƙasashe mafiya ƙarancin ci gaba ma ba kuɗi kaɗai yake dubawa ba, yana duba lafiya da ilimi da kuma yadda fari ko faɗuwar farashi ke iya durƙusar da ƙasa. To in aka bar kuɗi aka koma karatu, Nijar ba ta tashi ba, nan ne ma ta fi faɗuwa. In aka ɗauki manyan da suka kai shekara 25, matsakaicin zamansu a lakkol bai wuce shekara biyu ba. Wannan ba sharrin Bature ba ne, in ji shi, a shiga kowane ƙauye na Dogon Kirya ko Sukukutan a ƙirga matan da za su iya karanta takardar magani.

Suna ƙarawa da cewa ma'aunin da ya nuna faɗuwa shi ne kuma ya nuna tashi. Mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Nijar ta sauka daga 226 cikin dubu a 1998 zuwa 128 a 2009, saboda rigakafi da gidan sauro da ɗakunan shan magani na ƙauye da kuma dokar 2006 da ta ce a duba ƙananan yara kyauta. Ba don ana aunawa ana gwamawa ba, da ba wanda ya san an yi wannan aiki. Kuma jerin ba kurkuku ba ne: Botswana ta fita a 1994, Cape Verde a 2007, Bhutan a 2023.

Game da yawan jama'a kuwa, sun ce lissafi ba ya son kai. Ƙidayar 2012 ta samu mutum miliyan 17 da ɗoriya, suna ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin ɗari a shekara. In tattalin arziki ya ƙaru da kashi 5, abin da ya rage wa kowane mutum kashi ɗaya ne kacal. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai a fadamar Dallol Mauri, yau jikoki ne ke yanka ta ƙanana ƙanana.

Martanin masu suka

A kan karatu, wani malamin zaure na Matankari ya kawo nasa misalin. Ya yi shekaru yana yawon almajiranci, ya sauke, ya karanta littattafan fiƙihu da nahawu, yana rubuta wasiƙa da ajami, shi ake kira in za a raba gado. Amma a galibin irin waɗannan lissafi, shekarun karatunsa sifili ne, domin bai shiga lakkol ba. Yana da gaskiya a nan, kuma zafin da yake ji a kan haka halal ne. Inda ya tsaya rabin hanya shi ne da ya ce ashe ma'aunin duka ƙarya ne. In haihuwa ta zo wa 'yarsa da gardama, ungozomar da ta yi lakkol zai nema, kuma ƙarancin irinta shi ne abin da lambar ke ƙoƙarin faɗa.

Suka mafi ƙarfi ita ce wadda ta shafi dalili. Jerin yana faɗin wane ne a ƙasa, ba ya faɗin yadda aka yi ya je can. Yana sa mai karatu ya ɗauka duk ƙasashe a hanya ɗaya suke, wasu sun yi sauri, wasu sun yi nawa. Walter Rodney ya rubuta littafi guda a 1972 don rusa wannan tunani, yana cewa ci gaban Turai da koma bayan Afirka abu ɗaya ne aka gani ta fuska biyu. Ɗan Arewa ba ya buƙatar dogon bayani. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar nan tana ƙone garuruwa, Sarauniya Mangu ta tare ta a Lugu. Bayan haka sai haraji da aikin tilas. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, an kuma yi shekaru masu yawa ana kai wa tashoshin lantarkin Faransa, alhali har yau kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke da wuta a Nijar, kuma kaso mai yawa na wutar daga Najeriya ake jawo ta, abin da kowa ya gani da idonsa sa'ad da aka yanke ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Daga nan ne matasa da yawa suka ɗauki maganar da ake ji ko'ina yanzu, cewa Nijar ba matalauciya ba ce, talauta ta aka yi.

Ko yunwar 2005, masu suka suna cewa sunan ya ɓatar da fahimta. Da aka ce ƙasa ce matalauciya mai fari, sai duniya ta ɗauka laifin sama ne kaɗai. Amma hatsi bai ɓace daga kasuwa ba, tsada ya yi, kuma tsadar tana da alaƙa da tashin farashi a manyan kasuwannin arewacin Najeriya, inda hatsin ya riƙa bin kuɗi. Wanda ke kallon ƙasa ɗaya ɗaya a jeri ba zai ga wannan ba, domin kasuwar Arewa ba ta tsaya a kan iyaka ba.

Haka ma gatan da ake cewa sunan na kawowa. Tun 2001 Tarayyar Turai ta buɗe kasuwarta ba haraji ga duk kayan ƙasashe mafiya ƙarancin ci gaba, ban da makamai. To me manomin Kiyeshe zai kai Turai? Wakensa da ragonsa Najeriya suke zuwa, dankalin turawan da ake nomawa da rani a Dogon Dutsi kuwa kasuwannin gida ne nasa, har Yamai. Rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da takunkumin 2023 zuwa Fabrairu 2024, sun taɓa aljihunsa fiye da duk wata yarjejeniya da aka sa wa hannu a Turai.

In aka tace hujjojin

Akwai maganar da nake ganin ya wajaba a gwada ta da lissafi, ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba, wato cewa arzikin ƙarƙashin ƙasa ya isa ya fid da kowa daga talauci in an daina sata. A 2022 Nijar ta haƙo yuraniyom kusan tan 2,000. A farashin kasuwa na lokacin, kuɗinsa duka bai kai dala miliyan 300 ba. A raba wa mutum miliyan 25, kowa zai samu kamar dala 10 zuwa 12 a shekara, tun kafin a cire kuɗin haƙa. Ko an ninka farashin, ba zai sayi buhun hatsi ɗaya ba. Wannan bai wanke cutar da aka yi a yarjejeniyoyin baya ba, amma ya nuna cewa gyara ta kaɗai ba zai cika rumbu ba.

Man fetur ya fi girma. Bututun da ya taso daga Agadem ya ratsa jihar Doso zuwa gaɓar tekun Benin an gina shi ne don ganga 90,000 a yini. In ganga tana dala 70, kuɗin shekara ya haura dala biliyan 2, wato kusan dala 90 ga kowane ɗan ƙasa a takarda, kodayake wani kaso ne kawai ke shiga baitulmali. Nan hujjar masu suka ta dawo da ƙarfinta. Lambar ƙasa za ta tashi, wata rana ma tana iya tsallake layin Bankin Duniya, bashi mai sauƙi ya soma janyewa, alhali matar Sukukutan tana nan tana jan guga a rijiya mai zurfi. Equatorial Guinea ta fita daga jerin mafiya ƙarancin ci gaba a 2017 saboda man fetur, ba don talakanta ya warke ba.

Game da manyan sunaye irin su «duniya ta uku» ko «ƙasashe masu tasowa» ko «kudancin duniya», a ganina masu suka sun yi nasara. Sunan da ya haɗa Katar da Singafo da Sin da Nijar a kwando ɗaya ba ya bayyana komai game da rayuwar mutum. Bankin Duniya da kansa ya daina raba ƙasashe zuwa masu tasowa da waɗanda suka ci gaba a babban kundin alƙalumansa tun 2016. Sai dai ko nan akwai ragowar hujja ga ɗaya ɓangaren: da irin wannan suna ne ƙasashe 77 suka haɗa kai a 1964, da shi ne kuma aka matsa har aka amince da asusun biyan asarar sauyin yanayi a taron Masar na 2022. Suna maras kyau wajen bayani yana iya zama mai amfani wajen ciniki, kuma manomin da damina ke yi wa gardama yana da haƙƙi a cikin wannan ciniki.

Game da ma'aunai masu lamba kuwa, ban ga yadda za a yar da su ba. Gwamnatin da ta ce kada a auna ta, galibi akwai abin da ba ta so a gani. Abin da iyakar Arewa ta koya mini shi ne kuskuren yana wajen abin da ake ɗauka a auna. Ƙasa ta yi girma da yawa. Yamai ba Dogon Kirya ba ce, Legas ba Kangiwa ba ce, amma Dogon Kirya da Kangiwa sun yi kama ƙwarai. Da za a zana taswirar talauci gunduma gunduma, da layin bai bi inda Turawa suka ja shi ba.

Abin da ban iya yankewa ba shi ne tasirin sunan a zuciya. Wata malamar makaranta a Tibiri ta ce abin da ke ci mata rai shi ne ɗalibanta sun haddace cewa ƙasarsu ce ta ƙarshe tun kafin su iya zana taswirarta, kuma yaron da ya tashi da wannan ba ya tunanin gyara gida, tunanin fita yake yi. Tsohon ma'aikacin ya amsa mata da cewa: «Malama, wanda ya ji kunyar lambar shi ne zai tashi ya canza ta.» Kowannensu ya ga yaran da ke gaskata maganarsa, kuma babu ma'aunin da zai raba wannan gardama. Mai karatu ya duba yaran gidansu ya yanke.

Roƙona ga hukumomin ƙididdiga na ƙasashen biyu, da zaɓaɓɓu da sarakunan Arewa, shi ne a fitar da alƙaluman kowace gunduma, na mutuwar yara da na 'yan matan da suka gama firamare da na watannin da rumbu ke kaiwa, a karanta su da Hausa a gidajen rediyon karkara, domin mutumin Gesheme ya gwada garinsa da Dumega da Kangiwa, ba da Norway ba. Kafin haka kuma sai an san mu nawa ne. Alƙaluman da aka daɗe ana raba arzikin ƙasa da su sun samo asali ne daga ƙidayar 2012 a Nijar, da ta 2006 a Najeriya.